Kurakuran da ke hana firji fitar da zafi

Kuskuren farko yana cikin yadda muke ɗaukar firji. Yawancinmu muna zaton sanyi yake ƙerawa ya hura wa abinci, alhali aikinsa shi ne kwashe zafi daga ciki ya zubar a waje. Kai hannu bayansa ko gefensa yana cikin aiki, za ka ji ɗumi. Wannan ɗumin zafin abincinka ne, haɗe da na injin.

Mai dakon zafin shi ne gas ɗin da ke kewaya cikin bututu. A firji da yawa na yanzu, idan ka duba takardar da aka liƙa, za ka ga sunan gas ɗin, R600a, wanda ke tafasa a wajen digiri 12 ƙasa da sifili a matsin iska na yau da kullum. Yana shiga bututun ciki yana ruwa, sai ya tafasa ya zama tururi, kuma tafasa ba ta yiwuwa sai da zafi, don haka ya zuƙe shi daga iskar cikin firjin. Kamar yadda gumi ke sanyaya jiki idan yana bushewa. Daga nan kwamfireso, wato injin firjin, ya jawo tururin ya matse shi har ya fi iskar ɗaki zafi, ya tura shi bututun waje. A can ya saki zafin ya koma ruwa, ya bi ta wani siririn bututu da ke rage masa matsi, ya sake shiga ciki.

Wanda ya gane wannan ba zai manna firji da bango ba. Bututun waje sai da iska mai ratsawa yake iya sakin zafi. Idan an matse firjin a lungu, ko kusa da murhu, ko ƙura ta lulluɓe bututun, gas ɗin ba ya hucewa yadda ya kamata. Alamar ita ce kwamfireso ya yi ta gurnani ba hutu, sanyi kuma ya yi rauni. A bar tazarar santimita 5 zuwa 10, a cire fulogi a share ƙurar da buroshi mai laushi. Firjin da bututunsa ke ɓoye cikin gefuna, gefunan ne ke buƙatar iska.

Sai sanya abinci da zafinsa, kuma nan lissafi ya fi dogon bayani. A ce tukunya ce mai lita 5 na abinci mai ruwa, a digiri 80, ana so ta sauko digiri 4. Kowane kilo na ruwa, wato lita ɗaya, yana sakin zafi kilojul 4.2, wato jul 4,200, a duk digirin da ya sauka, ke nan 5 × 4.2 × 76, kusan kilojul 1,600. Idan firjin yana kwashe jul 100 a daƙiƙa, zai yi fiye da awa 4 a kan tukunyar nan kaɗai, abincin da ke maƙwabtaka da ita yana ɗumama, tururinta kuma yana daskarewa a kan bututu. Amma kada a ce don haka a bar ta a waje ta wuni, wannan ya fi haɗari, domin ƙwayoyin cuta a ɗumi suke hayayyafa. A rarraba abincin cikin ƙananan mazubai marasa zurfi, ya sha iska, a rufe, a sa shi kafin awa 2 ta cika.

Ƙanƙarar da ke taruwa a jikin firiza mutane na ɗaukarta shaidar ƙarfi. Bargo ce tsakanin iska da bututu, tana hana zafi isa wurin gas ɗin. Idan ta kai rabin santimita, a kashe, a bar ƙofa buɗe ta narke da kanta. Don Allah kada a sa wuƙa. Bututun yana dab da fatar ƙarfen, huda ɗaya ta isa gas ya tsere, kuma R600a yana kama wuta. Idan ƙanƙarar tana saurin dawowa, a zargi robar ƙofa: rufe ƙofar a kan takarda ka ja, in ta zare ba turjiya, iska mai laima tana shiga ta nan. A wanke robar da ruwan ɗumi, in ta tsage a sauya.

Maganar da ta fi damuna ita ce “gas ya ƙare”. Gas ɗin firji ba mai ba ne da ake ƙonawa, kewaye kawai yake yi a rufaffen bututu. In ya ragu, akwai inda yake yoyo. Mai gyaran da ya ɗura sabo bai nemo hudar ya toshe ba, ba da jimawa ba za ka sake kiransa. Kafin ma a kai ga zargin gas, sa ma'aunin zafi cikin kofin ruwa a tsakiyar firjin ya kwana. In ya nuna digiri 4 ko ƙasa kaɗan, lafiyarsa lau. Firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili ake so.