Babi na 6: Taken silayid ya faɗi magana, kamar kanun labarai

Darasi na 1

Ku buɗe PowerPoint ɗinku, ku buɗe aikin da muka yi makon jiya na ƙungiyar mata masu man gyaɗa da za su je neman rance. Alƙaluman ciki na koyo ne, ni na rubuta su a allo. Ku dubi saman kowane silayid, akwai dogon akwati a kwance, idan babu komai ciki za ku ga an rubuta Click to add title. Abin da aka rubuta a wannan akwatin shi muke kira take. Shi kaɗai za mu taɓa yau.

Na zagaya na duba aikinku, kusan kowa ga abin da ya sa: "Ciniki", "Kashe kuɗi", "Buƙatunmu". Ba laifi, haka kowa ke farawa, ni ma haka na fara. Amma ku tuna rediyo, in mai karanta labarai ya ce ga kanun labaran, ba ya cewa "Ruwan sama" ya yi shiru, cewa yake ruwan sama ya rushe gidaje a gari kaza, ko da ka kashe rediyon a nan ka riga ka san abin da ya faru. To mutumin da ke zaune a bayan ɗaki yana kallon majigi, watakila ma ya makara, take kawai zai iya karantawa daga can, in ya ga "Ciniki" bai san ko cinikin ya hau ba ko ya faɗi.

Darasi na 2

Nan ne wurin da ake faɗuwa, don haka a hankali za mu bi.

Ku je silayid na biyu mai taken "Ciniki". Kar ku taɓa madannai tukuna. Ku dubi jadawalin da ke ƙasa: Janairu jarka 40, Maris jarka 52, Yuni jarka 65. Yanzu ku karanta taken da ƙarfi, "Ciniki", sai ku tambayi kanku, me ya same shi? Ku amsa da baki, kamar maƙwabciya ce ta leƙo ta katanga ta tambaya. Za ku ce ai cinikin ƙaruwa ya yi, daga jarka arba'in zuwa sittin da biyar. Wannan amsar ita ce taken. Sai ku danna cikin akwatin, ku goge "Ciniki", ku rubuta:

Cinikin man gyaɗa ya ƙaru daga jarka 40 a Janairu zuwa 65 a Yuni

Kun ga "ya ƙaru" ɗin nan? Shi ne ran taken. In babu kalmar da ke faɗin abin da ya faru, irin su ya ƙaru, ta ragu, ya fi, muna nema, to suna kawai kuka kira, ba ku ce komai ba.

Wata Hajiya a ajin bara, da na ce a gyara, sai ta mayar da shi "Bayani game da yadda cinikin man gyaɗa ya kasance daga Janairu zuwa Yuni", ta kira ni da murna ta ce Malam na tsawaita. Ta tsawaita kam, amma na ce Hajiya, me ya sami cinikin? Ta ce ƙaruwa ya yi. Na ce to ina kika rubuta hakan? Ta yi dariya ta gyara. Tsawo daban, magana daban. Duk taken da ya fara da "bayani game da" ko "yadda" ko "halin da ake ciki", ku yi zarginsa.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku karanta wa na kusa da ku taken, ku ce masa gaskiya ne ko ƙarya? In kun ce "Ciniki", gaskiya ne ko ƙarya, zai bi ku da kallo ne kawai don babu abin amsawa. In kun ce ciniki ya ƙaru daga 40 zuwa 65, zai iya duba jadawali ya ce e haka ne, ko a'a. Taken da za a iya musantawa shi muke so.

Mu sake. Karanta tsohon take. Tambaya: me ya same shi? Amsa da baki. Sannan a rubuta. Da baki tukuna, don na lura bakinku ya fi hannunku faɗin gaskiya, da kun kama madannai sai ku koma irin rubutun ofis.

Darasi na 3

Silayid na uku, "Kashe kuɗi". Jadawalin wata ɗaya ne: gyaɗa naira 150,000, niƙa naira 90,000, itace da jarkoki naira 30,000, duka naira 270,000. Me ya same shi? A nan amsa biyu za ku samu, duka gaskiya ne. Wani zai ce gyaɗa ta fi cin kuɗi, wani zai ce niƙa na cin kashi ɗaya cikin uku, tunda 90,000 sau uku shi ne 270,000. Wacce za a ɗauka? Ku tuna abin da ya kai matan nan wurin taron, rancen injin niƙa suka je nema, to maganar niƙa ce za ta hau sama:

Kuɗin niƙa na cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da muke kashewa a wata

Kar a haɗa biyun da "kuma" a cusa su a take ɗaya. In dole sai an yi maganar gyaɗa, a ba ta nata silayid.

Sannan don Allah kar take ya faɗi abin da babu shaidarsa a ƙasa. Na ga wanda ya rubuta "Injin niƙa zai fitar da mu daga talauci". Ina aka nuna haka a jadawalin? Mai ba da rance zai tambaye ku kuɗin man inji da na gyara, ku tsaya kuna kame-kame. Kuma har yanzu, bayan duk wannan bayanin, na san akwai wanda zai kawo mini "Batun kuɗin niƙa". Haba jama'a. Batun me? Me ya same shi? Sau nawa zan faɗa? Ba wai ba ku iya ba ne, sauri kuke ku gama ku tafi gida. A goge, a faɗa da baki, a sake rubutawa.

Darasi na 4

Sabon take ya fi tsohon tsawo, zai cika akwatin. Ku zaɓi rubutun, ku je Home, ku mayar da girman harafi 28. Kar ya wuce layi biyu. In ya kai uku, a rage kalmomi, kar a ƙara matse harafi har na baya ya kasa gani. Ku danna Ctrl+S.

Darasi na 5

Ku danna View, sannan Outline View. A gefen hagu take zai fito kusa da lambar kowane silayid. Ku karanta su a jere, su kaɗai, ku ji ko labarin ya tashi daga ciniki zuwa niƙa zuwa rance. In wani silayid ya fito babu take, a Text Box kuka rubuta shi, ku mayar da shi akwatin sama.

Darasi na 6

Aikin gida: "Buƙatunmu". Injin naira 600,000 ne. Ku gyara taken, ku zo da shi ranar Asabar.