Ranar Cire Kuɗi Ba Ta Jiran Albashi: Ga Sababbin Zuwa Ingila

Buɗe asusun banki ba zai ba ku wahala ba, 'yan uwa, mutanenmu na nan za su raka ku. Abin da ke ƙona min rai shi ne duk shekara sai na ga baƙo ya faɗa ramin da na faɗa.

Hanyoyin biya biyu za ku gani a manhajar banki. "Standing order" kai ne kake umartar banki ya riƙa tura adadi kaza ran kaza, yawanci kuɗin haya. "Direct Debit" kuwa izini ka ba kamfani ko ƙaramar hukuma su ɗiba da kansu. Lambobin da ake nema su ne "sort code" mai lamba 6 da lambar asusu mai lamba 8. Ban da doguwar nan mai 16 ta jikin kati, wadda ɗalibai ke ta kwafewa a fom.

Ni rana ce ta kayar da ni. Na sa a riƙa cire harajin gida, wato "Council Tax", ran 1 ga wata, alhali albashina sai ran 5. Wata biyu ragowar kuɗi ta rufa min asiri. A na uku, ana gobe cirewa, na tura wa mahaifiyata kuɗin azumi, fam 90 ya rage, ana neman 130. Banki ba ya biyan rabi. Ya mayar da buƙatar gaba ɗaya, ni ban ma lura ba. Sai ga wasiƙa daga ƙaramar hukuma: in biya cikin kwana 7, in ba haka ba a janye min damar biya wata-wata, a nemi sauran kuɗin shekara a dunƙule. Daren nan ban runtsa ba.

Abin takaicin, saƙon banki ya shigo wayata tun da safe a ranar cirewar, na ɗauka talla ce. Yawancin manyan bankuna suna sake gwadawa a ranar, in ka zuba kuɗi kafin ƙarfe 2 na rana biyan zai wuce. Fam 40 kawai, da na buga wa kowane Bahaushe a unguwarmu zai tura min nan take.

Washegarin zuwan wasiƙar na kira ƙaramar hukuma, na biya da kati, na roƙi a mayar da ranar 15 ga wata. Suka mayar. Tun farko ana iya zaɓar rana, ni ne ban tambaya ba.

Don Allah kada haushi ya sa ku soke izinin daga manhaja ku yi shiru. Sokewa ba ta shafe bashi, kuma in na kwantiragin waya ne, tabon rashin biya na iya zama a tarihin bashinku shekara 6, wanda za a duba ran da kuka nemi rance ko gidan kanku.