Darasi na Tara: Takardar Inshorar Tafiya

Ku buɗe takardar misalin da aka raba muku. Kada yawan rubutun ya firgita ku, layi-layi za mu bi.

Inshorar tafiya yarjejeniya ce. Kai ka biya kamfani kuɗi kaɗan kafin ka tashi, shi kuma ya ɗauki nauyin asibiti idan ciwo ko hatsari ya same ka a ƙasar waje. Za mu yi aiki da misalin ɗan kasuwar da zai je Italiya sayen injuna. Italiya tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuma ba a ba da bizarsu sai da inshorar da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000. Dole ta ƙunshi jinyar gaggawa, da kwanciya a asibiti, da dawo da mutum gida idan ciwo ya yi tsanani, ko dawo da gawarsa in ta Allah ta kasance. Dole kuma ta yi aiki a dukkan ƙasashen Shengen, ba Italiya kaɗai ba.

Kwanan wata

Nan ne ake yawan faɗuwa, don haka a nutsu. A saman takardar akwai kwanan wata biyu, ranar farawa da ranar ƙarewa. Ku ɗora yatsa a kan na farko. Idan an rubuta 03/04, lambar farko rana ce, ta biyu wata, wato 3 ga Afrilu. Ba 4 ga Maris ba. In kana shakka, ka ce wa wakilin kamfanin ya rubuta sunan watan da harufa.

Yanzu ɗauko tikitin jirgi ka ajiye kusa da takardar. Mutuminmu zai tashi daga Kano ranar 3 ga Afrilu. Jirgin dawowarsa zai bar Milan ranar 17 da dare, ya sauka ranar 18. To wace rana inshorarsa za ta ƙare? Yawancinku za ku ce 17. A'a, 18 ce mafi kusa, kuma gara ya ƙara kwana biyu ko uku, domin jirgi yana jinkiri. Idan ciwo ya kama shi bayan ranar ƙarewa, ko sisi kamfani ba zai biya ba.

Mu sake. Tikiti a hannun hagu, inshora a hannun dama. Ranar tashi ta yi daidai da ranar farawa? Ranar sauka a gida tana cikin kwanakin? Wanda bai gane ba ya tambaya, ba abin kunya ba ne. Amma wanda ya karɓi takarda daga hannun dillalin biza ya cusa a jaka bai duba ba, shi ya jawo wa kansa. Shi dillali, biza yake nema maka, lafiyarka ba ta gabansa. Duba kwanan wata tun kana ofishin, kafin ka biya. In ka ɗaga tafiya, koma a gyara kwanakin, don ba sa bin tikiti da kansu.

Abin da ba a biya

Ciwon da ka tafi da shi daga gida, kamar hawan jini ko ciwon suga, yawancin kamfanoni ba sa biyan jinyarsa sai in ka faɗa tun farko sun amince a rubuce. Haba jama'a, a daina ɓoyewa! Likitan can zai gano, ya rubuta, kamfani ya ƙi biya. Haka wanda ya tafi musamman don ganin likita, wannan inshorar ba tasa ba ce. Ba a biyan raunin da aka ji cikin maye, ko jakar da ka bari ba mai tsaro. Kayan sayarwa ma galibi ba sa ciki.

Akwai kuma kason da kai za ka fara biya. A ce kasonka Yuro 50 ne, asibiti ya caji 400. Kai ka ba da 50, kamfani ya ba da 350.

Idan abu ya faru

A takardar akwai lambar wayar agaji ta dare da rana. Kira su kafin a kwantar da kai, in da hali. In rai ne a hannun Allah, fara kiran 112, lambar gaggawa ta Turai. Adana kowane rasidi da rahoton likita. In jaka ce ta ɓata, karɓi takardar rahoto daga kamfanin jirgi kafin ka bar filin.

Zaɓen kamfani

A Najeriya, tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM. Mai son tsarin Musulunci ya tambayi kamfanonin takaful. Kada arha kaɗai ta ja ka, kwatanta kason da za ka biya.

Aikin gida

Mace za ta tashi 28 ga Mayu, ta sauka gida 11 ga Yuni. Rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, da lambobi sannan da harufa.