Yadda na gyara saƙon da zan tura wa mai ba ni aiki

Saƙon farko ga yadda yake: "Slm oga, aikinka ya kusa 😂 sai dai kuɗin fa, ka gane ai." Laifinsa uku. Babu ranar gama aiki, ba a faɗi abin da ake nema ba, kuma "ka gane ai" ya bar wa mutum aikin hasashe a kan maganar kuɗi, inda hasashe ke haifar da saɓani.

Da na zo gyara sai na zarce. Na rubuta "Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri", saƙon ya koma kamar takardar neman aiki. Mutumin da kuka saba wasa da dariya, in ya ga haka, zai ɗauka fushi kake yi.

Abin da ya yi aiki shi ne barin zumunci a gaisuwa da rufewa, tsakiya kuma ta zama zallar bayani:

"Assalamu alaikum Alhaji, ina wuni, ya iyali? Aikin zai kammala ranar Laraba da yamma, in sha Allahu. Ragowar rabin kuɗin nake so a turo kafin ranar, don in haɗa komai lokaci guda. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci."

"A turo" na sa maimakon "ka turo", domin ya fi ladabi, bai yi kama da umarni ba. "In sha Allahu" kuwa sai da rana a gefensa. Shi kaɗai, wasu na jin sa kamar hanyar zamewa. Fuskar dariyar na cire ta, tunda ana maganar kuɗi. Na kuma tura shi dunƙule ɗaya, ba guntu-guntu biyar da za su yi ta kaɗa masa waya ba.