Yadda ake gyara rubutun da ya watse ya koma sakin layi masu amsa tambaya

Yawancin ɗaliban da ke kawo min asayimen ɗinsu in duba kafin su miƙa, sun yi karatu, wani ma abin da ya sani ya fi ƙarfin makin da anka ba shi. Matsalar ita ce ya juye duk abin da ke kansa bisa takarda yadda ya zo mai, shafi huɗu babu wurin numfashi, lakcara ya karanta har ƙarshe bai ga inda anka amsa tambayar da ya yi ba. To wanga gyaran ba ya buƙatar ka sake rubutu daga farko. Abin da ka rubuta ɗin nan shi za mu wargaza mu sake jerawa, ko da Hausa ka yi shi ko da Turanci duk hanya ɗaya ce.

Bari mu ɗauki tambayar da ɗan Sakkwato ba ya rasa abin cewa a kanta, wanda kuma shi ne haɗarinta: "Bayyana dalilan da suka sa Turawan Ingila suka ci Daular Sakkwato da yaƙi a 1903."

Mataki na farko, fidda rubutun bisa takarda. Na san kuɗin firintin ya hau, amma a waya ba ka ganin rubutunka gaba ɗaya, layi goma kake gani kana ta ja da yatsa. In babu hali ka matse rubutun a buga maka gaba da baya. Sai ka rubuta tambayar da manyan baƙaƙe a wata takarda daban ka aje gabanka, ka ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ba da umarni. A nan "dalilan" ce. Tarihin daula daban, labarin yadda yaƙin ya gudana daban, abin da anka nema shi ne mi ya sa.

Mataki na biyu, sa wa kowace jimla lamba da jan biro. Kowace, kada ka tsallake. Ga irin abin da nake gani, na taƙaita shi:

1. Shehu Usmanu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804.
2. Turawa sun zo da bindiga mai ruwan harsashi da igwa.
3. Kamfanin Neja na Turawan Ingila ya kai wa Bida da Ilorin yaƙi a 1897.
4. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoban 1902, anka naɗa Attahiru.
5. An gwabza a filin Giginya, bakin garin Sakkwato, ranar 15 ga Maris 1903.
6. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari, ya taho Sakkwato.
7. Kontagora da Yola sun faɗi a 1901, Bauchi a 1902.
8. Nana Asma'u ta rubuta waƙoƙi na karantar da mata.
9. Mafi yawan mayaƙanmu dawaki ne da masu da takubba da baka.
10. Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yulin 1903.

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma karanta su a jere ka gani, daga makami an koma Bida, daga Bida an dawo fada, an leƙa Giginya an koma Kano, tsakiyar yaƙi kuma ga Nana Asma'u.

Mataki na ukku, tara su kashi-kashi. Gefen kowace lamba ka rubuta kalma guda da ke nuna abin da jimlar ke magana a kai. 2 da 9 da 5 makamai. 3 da 7 masarautu. 4 canjin sarauta. 1 da 8 da 10 ba su da 'yan uwa, ka bar su gefe tukuna. Lamba 6 ce mai rikici don tana iya shiga wuri biyu, faɗuwar Kano ta masarautu ce, tahowar Alu kuma mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi ta kawo shi. Ni ƙa'idata jimla ba ta zama gida biyu. Ko ka zaɓa mata ɗaya, ko ka raba ta biyu kowane rabi ya tafi inda ya dace, amma kada ka maimaita ta sukutum a wuri biyu don cika shafi, mai dubawa yana ganewa.

Mataki na huɗu, nan ne ake faɗuwa, kuma nan zan daɗe. Kowane kashi sai ka rubuta mai da'awa guda, jimla ɗaya wadda za ta zauna a kan sakin layin. Abin da ɗalibai ke yi shi ne su rubuta take su ɗauka da'awa ce. "Wani dalili kuma shi ne makamai." Makamai sun yi mi? Wannan ba a ce komai ba. Ko kuma "Yanzu za mu duba batun masarautu." To duba mana, wa ya hana ka. Da'awa magana ce wadda wani zai iya miƙewa ya ce ban yarda ba, kawo shaida. Kamar gaban alƙali ne, in ka je ka ce "batun gona ne" ba a fara shari'a ba, sai ka ce gonar tawa ce sannan a ce ina shaidunka.

Gwada haka: "Turawa sun ci masarautun ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru shida, ta yadda lokacin da sunka iso Sakkwato manyan masarautun da za su iya kawo ɗauki sun riga sun faɗi." Wannan ana iya musu a kanta, kuma da ka rubuta ta ka san shaidun da za ka kira, lamba 3 da 7 da rabin 6.

Sai dai a kula, da'awa kada ta fi shaidunta girma. Na sha ganin an rubuta "sarakunan ba su da haɗin kai ko kaɗan, kowa kansa ya sani", sannan hujjar da anka kawo jerin shekaru ce kawai. Shekarun nan abin da sunka nuna shi ne an ci garuruwan a lokuta daban-daban. Ba su nuna abin da ke zuciyar sarakuna ba. In kana son ka yi maganar rashin jituwa sai ka nemo wata hujja, misali basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, in ba ka da ita kuma ka rage da'awar ta dawo daidai da abin da ke hannunka. Kalmomi irin su "duk", "ko kaɗan", "shi kaɗai ne dalili", duk inda ka gan su a da'awarka ka tsaya ka sake ƙirga shaidu.

Mataki na biyar, ɗaure ƙarshen sakin layin da tambaya. Bayan hujja ta ƙarshe ka tambayi kanka da baki: to sai mi? Amsar da ka ba kanka ita ce jimlar rufewa. Kuma wallahi "wannan ya nuna muhimmancin haɗin kai" ba ɗauri ba ne, wa'azi ne, lakcara bai tambaye ka darasi ba. Haka sake kwafo da'awar da ka fara da ita da wasu kalmomi, shi ma zagaye ne kawai. Ɗauri na gaskiya yana faɗin ta wace hanya hujjar ta haifar da abin da anka tambaya. Ga sakin layin gaba ɗaya bayan gyara:

"Turawa sun ci masarautun ɗaya bayan ɗaya, ta yadda lokacin da suka iso Sakkwato manyan masarautun da za su iya kawo ɗauki sun riga sun faɗi. Tun a 1897 Kamfanin Neja ya kai wa Bida da Ilorin yaƙi. Kontagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauchi a 1902, Kano kuma a Fabrairun 1903. Saboda haka rundunar da ta tsaya a Giginya a watan Maris ba ta daula gaba ɗaya ba ce, ta Sakkwato da kewayenta ce, kuma wannan na cikin abin da ya sa Turawa suka ci yaƙin."

Ka lura jimlar ƙarshe ta ɗauko kalmomin tambayar, Turawa da cin yaƙi, ta kuma ƙara wani abu da babu shi a jimlar farko. Ka lura kuma a cikin rubutun "suka" na sa ba "sunka" ba, a takardar makaranta daidaitacciyar Hausa ake so, namu mu bar shi wurin hira.

Wagga tambaya ta "to sai mi" ita ke yanke hukunci kan jimlolin da munka aje gefe. Hijirar Gudu a 1804, to sai mi? Ba ta gaya muna dalilin faɗuwa bayan kusan shekara ɗari ba. In ka matsa tana iya samun rabin layi a gabatarwa. Nana Asma'u, Allah ya ƙara mata rahama, ba ta da wuri a wagga amsa, soke. Wadda ta fi yi wa mutane ciwo ita ce lamba 10. Ɗalibi zai ce min haba Malam, a yi maganar 1903 babu Burmi? To Burmi ta zo wata huɗu bayan Giginya, abin da ya biyo baya ne, tambayar kuwa dalili take nema. Hanya ɗaya da za ta tsira ita ce ka mai da ita shaida ƙarƙashin da'awar makamai, wato ko a can inda anka yi tsayin daka ƙwarai bindiga ce ta raba gardama. In ba za ka iya ɗaure ta haka ba ka cire ta, ka aje a wani fayil, wata rana za a yi tambaya kan turjiya ka ɗauko abinka.

Sauran kasun ma haka za ka bi su. Na makamai ya fi sauƙi, da'awar ita ce doki da mashi ba su iya isa ga mai harbi daga nesa, 2 da 9 shaidu, Giginya misali. Na canjin sarauta za ka ga jimla ɗaya da rabi kawai gare ka, Attahiru wata biyar kacal ya yi bisa gado kafin yaƙi ya iso, to wannan alama ce ta ka koma laburare ka ƙaro hujja, ko ka haɗe shi da na masarautu. Sakin layi mai da'awa babu shaida gara babu shi.

Jeri kuma, ni mafi ƙarfi nake sawa farko don mai dubawa yana da tarin takardu gabansa kuma hankalinsa ya fi kaifi a shafin farko. Wasu malamai sun fi son a bi shekaru, in naka haka yake bi shi. Gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta, layi ukku ko huɗu sun isa, ka ambaci da'awoyin nan a jeren da za su zo. Kafin ka kai a buga, karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kaɗai, a jere, da ƙarfi, ko ka tura wa abokinka su kaɗai ka ce ya faɗa maka tambayar da ake amsawa. In ya ce tarihin jihadi ne, koma mataki na huɗu.