Yadda za ka sa mawaƙi ya ji muryarsa ba jinkiri

Idan kwamfuta ce ke mayar wa mawaƙi muryarsa, sai sautin ya shiga manhajar ɗaukar sauti ya fito kafin ya kai kunne. Wannan zagaye ne ke kawo jinkiri. Sauraro kai tsaye kuwa, na'urar shigar da sauti ce ke ba shi muryar tun kafin ta isa kwamfuta. Shi ne ya dace da mawaƙin da ba ya jure jinkiri.

1. Ka jona makirfo da abin sauraro na kunne a jikin na'urar, ba a jikin kwamfuta ba.

2. Ka danna maɓallin Direct a jikinta. Idan makirfo ɗaya ne, ka zaɓi Mono, in ba haka ba muryar za ta tare a kunnen hagu kawai.

3. Ka kashe sauraron layin murya a manhaja. A nan aka fi tuntuɓe. Idan an bar duka biyun, mawaƙi zai ji kansa sau biyu, muryar ta yi kamar daga cikin bututu take fitowa. Kiɗan kawai ake so daga kwamfuta.

4. Ka daidaita ƙarfin kiɗa da na murya, ya gwada baiti ɗaya.

Amma muryar za ta zo masa a bushe, babu amsa-kuwwa, babu Auto-Tune. Idan ya nace sai da su, to sai manhaja: ka kashe Direct, ka kunna sauraron layin murya a manhaja, ka sauke Buffer Size, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, zuwa 64 ko 128. A kan saurin ɗaukar sauti na 48 kHz, jinkirin 128 bai kai milisakan 3 ba a shiga, haka a fita, ban da ɗan ƙarin na'urar, alhali 1024 ya haura 21. Idan sauti ya fara ƙaras-ƙaras, kwamfutar ta gaza, sai ka ɗaga zuwa 256.