Kurakuran da ake yi wajen rubuta takardar miƙa shafin yanar gizo ga mai shi

Abin da na fi gani idan ɗan firilansa ya gama haɗa wa mutum shafi shi ne ya tura masa saƙo ɗaya a WhatsApp, ga adireshin shiga WordPress, ga sunan shiga, ga kalmar sirri, Allah ya sa albarka, shi ke nan an miƙa aiki. Wannan fa ba miƙawa ba ce, don shafi ɗaya yana zaune ne a kan asusu aƙalla uku daban-daban: inda aka yi rijistar domen, inda aka sayi hostin, sai kuma shi WordPress ɗin kansa, kuma wanda aka tura ɗin nan shi ne mafi sauƙin dawo da shi idan ya ɓace. Wanda ke da cPanel, wato wurin sarrafa hostin, zai iya canza kalmar sirrin WordPress cikin minti biyar, amma wanda WordPress kaɗai yake da shi ba abin da zai iya ranar da domen ya mutu.

Don haka babban kuskure shi ne barin domen a cikin asusunka kai mai aikin. Mu ɗauki misalin wata makarantar kuɗi a Kano, ka saya musu domen na .com a 12 ga Maris da imel ɗinka da katinka, saboda lokacin Malam shugaban makaranta ya ce kai dai ka yi komai ka kawo masa lissafi. Shekara ta zagayo, kai ka tafi bautar ƙasa ko ka canza layi, kamfanin rijista ya turo tunatarwa kamar wata ɗaya kafin ranar, ya sake turowa saura mako ɗaya kamar yadda ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen, ta tanada, amma duk akwatinka suke faɗawa, makaranta ba ta san ana yi ba. Ranar da domen ya ƙare iyaye za su buɗe shafin su ga wani shafin talla na kamfanin rijista ko kuma DNS_PROBE_FINISHED_NXDOMAIN, kuma ba shafin kaɗai zai tsaya ba, duk imel ɗin makarantar da ke ƙarewa da sunan domen ɗin ma ya daina karɓar saƙo. Akwai ɗan lokacin sassauci da za a iya sabuntawa a kuɗin da aka saba, tsawonsa ya danganta da kamfanin amma ba ya wuce kwana 45, daga nan sai domen ya shiga lokacin fansa na kwana 30 wanda kuɗinsa ya ninka na sabuntawa sau da yawa, sai kwana 5 na jiran gogewa, bayan nan kowa a duniya zai iya saye. Sunan da aka buga a allon makaranta da takardun sakamako da jikin motar ɗalibai ke nan fa.

Gyaran shi ne tun kafin ka rubuta takardar ka buɗe wa makarantar asusu nata a kamfanin rijistar, ka tura domen ɗin can, a wurin Registrant kuma sunan makaranta ya fito ba naka ba. Idan kamfani ɗaya ne turawa daga asusu zuwa asusu yawanci ba ta da wahala, amma idan za a koma wani kamfani ne sai an cire makulli an karɓi lambar da ake kira EPP code, kuma .com ba ya ƙaura a cikin kwana 60 na farko bayan rijista, to idan aikin bai kai wata biyu ba ka rubuta a takardar ranar da za a iya yin ƙaurar. A nan akwai wani tarko da ko ƙwararru suna faɗawa, wato a buɗe asusun da imel irin info@ na domen ɗin kansa. Ranar da domen ya mutu wannan imel ɗin ya mutu tare da shi, ka danna Forgot password saƙon ba shi da inda zai sauka. A yi amfani da Gmail na makaranta ko wani imel da bai rataya a kan domen ba, kuma lambar wayar da ake turo lambar tabbatarwa ta zama ta mai makarantar, layin da yake amfani da shi kullum, ba wani sim da ke kwance a durowa ba wanda kamfanin waya zai iya ƙwacewa ya sayar wa wani idan ya daɗe ba a taɓa shi ba.

Sai maganar ranaku. Mutane kan rubuta "ana sabuntawa duk shekara" su wuce, wannan bai faɗi komai ba. A misalinmu domen 12 ga Maris ne, hostin wataƙila 3 ga Afrilu aka saya da aka zo ɗora aiki, lasisin Elementor Pro kuma a Mayu, rana uku ke nan, kowacce ka rubuta ta da shekararta da kuɗinta da ko naira ake biya ko dala, da katin wa ake cirewa. Kada ka rubuta daga ka, ranar ƙarewar domen ka duba ta da wannan umarni:

```
whois example.com | grep -i "Expiry Date"
```

ka sa sunan domen ɗin a madadin example.com. Kuma kada a dogara da cewa an kunna Auto-renew, katin ATM yana da ranar ƙarewa, katin naira kuma ba kullum yake wucewa a biyan dala ba, don haka ni na fi son a sa ranar tunatarwa a kalandar wayar mai shafin wata guda kafin kowace rana, a biya da hannu a huta. Ka rubuta masa alamomin ma: idan ya ga This Account has been suspended matsalar daga hostin take, galibi ba a biya ba, idan NET::ERR_CERT_DATE_INVALID ne to satifiket ɗin SSL ne ya ƙare. Na Let's Encrypt kwana 90 yake yi kuma shi yake sabunta kansa, idan ya ƙare to wani abu ya hana shi, sai a yi wa kamfanin hostin magana.

Kalmomin sirri kuma kada a jera su cikin takardar da za ta yi ta yawo a guruf ɗin malamai. Takarda ta faɗi inda ake shiga da sunan shiga da wanda ke riƙe da shi, kalmar sirrin a ba da ita daban, ku zauna da Malam ya shiga kowane asusu a gabanka ya canza ta da hannunsa. Sakataren da zai riƙa ɗora sanarwa a ba shi matsayin Editor, Administrator ya tsaya wurin mai makaranta.

Ɓangaren kula da shafi ma "a riƙa yin afdet" bai isa ba, domin Malam zai danna Update a kan fulogin goma lokaci guda ya wayi gari da There has been a critical error on this website. Rubuta masa tsarin: sau ɗaya a wata, a fara ɗaukar bakaf, a yi afdet ɗin fulogin ɗaya bayan ɗaya ana duba shafin, sannan a cike fom ɗin neman gurbi a ga ko saƙon ya iso. Faɗi inda bakaf yake zuwa, idan UpdraftPlus ne to ya tafi Google Drive na makaranta ba naka ba, kuma kada ya zauna a hostin ɗin kawai don idan aka goge asusun tare za su tafi. Kowane aiki ka sa sunan wanda zai yi shi a gefe, idan kai ne ka rubuta har zuwa wane wata da kuma nawa za a biya ka.